Neman ragi a wajen kamfani ta imel: tambayoyi da amsoshi

Na yi shekaru ina saro wa wata 'yar masana'antar sabulu a Kano kwali da leda da sinadarai, kuma yawancin cinikin ta imel muke yin sa da kamfanonin Legas. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda masu ƙananan sana'o'i suka fi yi mini. Zan riƙe misali ɗaya tun daga farko har ƙarshe, wato odar kwali mai tambari. Alkaluman na misali ne, don farashin kwali ba ya zama wuri ɗaya, amma yadda ake lissafin haka yake.

Ni ɗan kasuwa ne, na iya taya kaya. Me ya bambanta imel da cinikin kasuwa?

A Kantin Kwari ko Singa kana ganin fuskar mai kaya. Ka taya, ya ce albarka, ka ƙara, ya yi dariya, ka juya kamar za ka tafi, ya kira ka. Ko tayin wulaƙanci ka yi, murmushi da barkwanci suna wanke shi nan take. Imel ba shi da murmushi. Abin da ka rubuta haka zai zauna, a karanta shi yau, a sake karanta shi bayan wata shida.

Abu na biyu shi ne wanda ya fi muhimmanci, kuma shi mutane suka fi mantawa. Wanda kake rubuta wa yawanci ba shi ne mai kamfanin ba, ma'aikacin sashen sayarwa ne, yana da iyakar da ba zai iya wucewa ba sai da sa hannun manaja. Saƙonka zai tura wa na sama da shi. Idan abin da ke ciki kawai "kayanku sun yi tsada, a rage mana" ne, ba ka ba shi abin da zai shiga ofishin manaja da shi ba. Idan kuwa ka rubuta cewa za ka ninka odar in an sauko da farashi zuwa kaza, ka ba shi hujjar da zai yi maka yaƙi da ita. Saboda haka nake rubuta kowane saƙo kamar manajan ne zai karanta.

Sun aiko da takardar farashi. Me zan fara yi?

Kada ka amsa a ranar, sai dai ka ce ta iso, ka gode. Ka zauna ka fitar da abin da kwali ɗaya zai tsaya maka a ƙofar shagonka, domin lambar da ke kan takarda ba ita ce farashin gaskiya ba.

A ce kamfanin Legas ya ce kwali 3,000, kowanne ₦500. Akwai kuɗin farantin bugu ₦60,000, wanda ake biya sau ɗaya don zana tambarinka. Kuɗin mota daga Legas zuwa Kano, a ce ₦120,000, a kanka yake. Kafin alƙalami kashi 70 cikin 100, ciko kafin a yi lodi, kuma aikin zai ɗauki mako uku. In ka raba kuɗin farantin a kan kwali 3,000, kowanne ya ɗauki ₦20. Kuɗin mota kuma ₦40. Ashe kwalin ₦560 ne.

Sai ka nemi farashi a wani wuri. A ce wani kamfani a Sharaɗa ya ce ₦520, kuɗin faranti iri ɗaya, dako zuwa shagonka ₦15,000 kacal. Nasu ya tsaya ₦545. A takarda na Legas ne mai araha, a ƙofar shago kuwa na Kano ne. To amma bugun na Legas ya fi fita, shi ya sa kake son su. Yanzu ka san iyakarka: idan Legas ba su sauko ƙasa da ₦485 ba, babu abin da ka ci a kuɗi, sai kyan bugu kawai. Ka rubuta wannan lamba a littafinka, kada ta taɓa shiga imel.

Ka kuma tambaya ko harajin VAT yana cikin farashin. A Najeriya kashi 7.5 cikin 100 ne tun Fabrairun 2020. A kan ₦500, harajin ₦37.50 ne. Na ga wanda ya yi mako biyu yana jan ciniki har ya samu ragin ₦35, ranar biya sai ya ga an ɗora haraji a ƙasan takarda, ragin ya tafi kusan gaba ɗaya.

Ana cewa a haɗa neman ragi da "sharaɗi". Mene ne shi a nan? Ba gindaya wa mutum sharaɗi ne ke ɓata zumunci ba?

Akwai sharaɗin da ke nufin barazana, akwai wanda ke nufin ba ni gishiri in ba ka manda. Na biyun nake nufi. "In ba ku rage ba zan tafi wani wuri" barazana ce. "In kun bar mana a ₦450, za mu ɗauki 6,000 maimakon 3,000" musaya ce, kowa ya samu abin da zai nuna wa nasa.

Dabarar ita ce ka gano abin da yake da sauƙi a wajenka amma yana da daraja a wajensu. Mai buga kwali yana kashe lokaci da takarda wajen saita inji da haɗa launi, kuma wannan wahalar ɗaya ce ko 3,000 zai buga ko 6,000. Don haka yawan oda ragi ne na gaske a kuɗin aikinsa. Rage launi daga uku zuwa ɗaya yana rage masa faranti da tawada. Biyan kuɗi da wuri yana ba shi damar sayen takarda ba tare da ya ci bashi ba. Ƙara masa lokaci ma wani abu ne: idan ka ce ba ka gaggawa, mako biyar ma ya yi, zai cusa aikinka a ranar da injinsa ba shi da aiki. Karɓar girman kwalin da suka saba yankawa, maimakon a yanka maka naka na musamman, shi ma yana rage ɓarnar takarda.

Tsarin jimlar yana da tasiri. Ka ɗaura abin da za ka bayar da abin da kake nema a jimla ɗaya, da "idan" a gaba. In ka fara sanar da su a saƙon Litinin cewa za ka ƙara oda, sannan ran Laraba ka zo neman ragi, ka riga ka ba da kyauta, babu sauran abin musaya a hannunka.

Ka nuna mana yadda saƙon zai kasance.

Da Turanci nake rubuta wa Legas, amma ga ma'anarsa da Hausa:

"Barka da aiki. Na gode da takardar farashin da ka aiko ran Litinin, da samfurin kwalin. Bugun ya yi mana kyau, kuma muna so aikin ya zama naku. Matsalarmu ita ce idan muka haɗa kuɗin mota zuwa Kano da kuɗin faranti, kwali ɗaya yana tsaya mana ₦560, wanda ya haura abin da muka samu a nan kusa. Ga hanyoyi uku da za su yi mana, ka duba wadda ta fi muku sauƙi. Ta farko, idan kun bar shi a ₦450, za mu ɗauki 6,000, a kawo 3,000 yanzu, 3,000 bayan wata uku. Ta biyu, idan 3,000 ɗin ne kawai, za mu biya kuɗin duka tun farko a kan ₦470. Ta uku, za mu iya komawa launi ɗaya maimakon uku idan hakan zai kawo shi ₦455. Muna so mu yanke shawara kafin Juma'a mai zuwa saboda kwalin da ke hannunmu ya kusa ƙarewa. In akwai wata hanyar da ban hango ba, ka faɗa mini."

Ka lura ban ce sun tsawwala ba. Na ɗora laifin a kan lissafi: nisa da kuɗin mota. Wa'adin Juma'a ma na haɗa shi da dalili na gaskiya, don kada ya yi kama da umarni. Layin ƙarshe kuma ba ado ba ne. Sau da yawa ma'aikacin ya san wata ƙofa, kamar motarsu da ke zuwa Kano kowane mako da sauran wuri a cikinta, kuma ba zai ambata ba sai an buɗe masa hanya.

Me ya sa zaɓi uku? Ba gara in faɗi lamba ɗaya in tsaya a kai ba?

Lamba ɗaya amsarta i ko a'a ce, kuma a'a ta fi sauƙin rubutawa. Zaɓi biyu ko uku suna mayar da tambayar ta zama "wanne?". Sannan wanda suka ɗauka yana gaya maka abin da ke damun su. In sun yi tsalle kan biyan kuɗi duka, kuɗin hannu suke nema. In yawan oda suka kama, injinsu ne ke neman aiki. Wannan ilimin zai yi maka amfani a ciniki na gaba.

Sharuɗɗa biyu ne a kanka. Kowane zaɓi ya zama wanda za ka iya cikawa da daɗin rai in aka ce an sallama, kada ka sa wani don cike gurbi. Kuma kada su wuce uku. Biyar ko shida suna nuna ba ka san abin da kake so ba, manaja kuma ba zai karanta ba.

Wani ɗan'uwa ya taɓa tambayata ko wannan bai shiga ciniki biyu a cikin ciniki ɗaya da hadisi ya hana ba. Abin da malamai suka bayyana shi ne matsalar tana zuwa idan aka rabu ba a tsayar da farashi ɗaya ba. Jera zaɓi a lokacin tayi daban ne, muddin kafin a ƙulla an tsaya a kan guda, da adadinsa da ranar biyansa.

In gaya musu ina da wani kamfanin da ya fi su araha?

Ka faɗa, in gaskiya ne, sau ɗaya, ba tare da suna ba. "Abin da muka samu a nan kusa" ya wadatar. Kada ka haɗa takardar farashin wancan kamfanin a saƙonka. Amana ce aka ba ka, kuma wanda ka tura wa zai gane cewa gobe tasa takardar za ka tura wa wani.

Ƙirƙirar farashin ƙarya kuwa, ban da haramcinsa, ba ya ma aiki. Masu buga kwali sun san farashin takarda, sun san abin da ba zai yiwu ba. In ka ce wani ya ba ka a ₦380, amsar da za ka samu cikin ladabi ita ce to ka saya a can. Daga nan ko ka tafi, ko ka dawo da kunya, kuma duk abin da ka faɗa nan gaba sai an raba shi biyu.

Sun amsa da ₦465 a kan 6,000. Na nemi ₦450. In karɓa?

Ka koma littafinka. ₦465 yana ƙasa da iyakarka ta ₦485, saboda haka ciniki ya kusa faɗawa. Saura ka yanke ko za ka sake taɓawa. Shawarata kada ka sake cizon farashin kwalin. Sun motsa da ₦35, kuma mai yiwuwa ma'aikacin ya sha magana kafin ya samo ta. Ka nemi cikon a wani gefe:

"Na gode ƙwarai, na san ka yi ƙoƙari. Mun amince da ₦465 a kan 6,000 idan za ku ɗauke mana kuɗin faranti. In hakan ya yi, gobe za mu tura kafin alƙalami."

Kamfanoni da yawa sun fi son yafe irin wannan kuɗin na gefe a kan taɓa farashin kaya, domin farashin kaya yana zama a littafinsu, kuma shi za ka riƙe musu a oda ta gaba. Kuɗin faranti kuwa sau ɗaya ne. In sun yarda, ga lissafin: da ka saya a farashin farko, 6,000 da faranti sun kama ₦3,060,000. Yanzu ₦2,790,000 ne. Ka tsira da ₦270,000, kuma kwali ɗaya a ƙofar shagonka ya dawo ₦505 daga ₦560.

Ka ga kuma na haɗa buƙatar da alkawarin rufe magana. Abin da ya fi ƙona wa masu sayarwa rai shi ne kwastoman da ake sallama masa, ya dawo da sabuwar buƙata, a sake sallamawa, ya sake dawowa. Zagaye biyu, in ya yi yawa uku. Bayan ka rubuta "mun amince", bakin alƙalami ya bushe.

Me zai iya lalacewa a irin wannan yarjejeniyar ta kashi biyu?

Farashin kashi na biyu. Takardar kwali tana bin dala, kuma duk wanda ya yi sari bayan an saki naira a watan Yunin 2023 ya ga yadda takardar farashi ke mutuwa cikin kwanaki. Idan ba a rubuta ba, bayan wata uku za a ce maka ₦465 ɗin na wancan lokacin ne. Su ma ba mugunta ba ce, ba wanda zai so ya ɗaure kansa da farashin wata uku a kan kayan da bai saya ba. Maganin shi ne ka ba da kafin alƙalami a kan kashi na biyun tun yanzu, su sayi takardar su ajiye, a rubuta cewa farashin ya tsaya har zuwa rana kaza.

Wani zai ce a kwaso 6,000 ɗin gaba ɗaya mana a huta. In kana da busasshen sito, to. Kwali yana shan danshi da damina ya yi laushi, gara ma ba ta raina shi. Ragin da ya sa ka tara kayan da za su lalace a hannunka asara ce.

Sai alkawarin da ka yi. In ka karɓi farashin 6,000, ka ɗauki 3,000, sannan ka yi shiru, ka ci ladan kuturu ka ƙi yi masa aski. Ma'aikacin da ya tsaya maka shi zai amsa tambaya a ofis. In kasuwa ta juya maka, ka rubuta tun da wuri ka nemi a ɗaga ranar, kada ka ɓuya.

An rage mini farashi, amma kayan da suka zo ba su kai samfur ba.

Wannan ya taɓa faruwa da ni, kuma rabin laifin nawa ne. Na matsa wa wani kamfani har suka sauko inda ban zata ba, ina ta murna. Da kwalin ya iso, mai ɗaura mana kaya ya ɗaga ɗaya ya matsa gefensa da babban yatsa, sai ya lotsa. Muka jera shida cike da sabulu, kafin la'asar na ƙasan ya durƙushe. Sun rage kaurin takardar ne, kuma da na koma saƙonninmu babu inda aka rubuta kauri, girma da launi kawai muka yi magana a kai. Araha ba ta ado.

Tun daga nan, duk saƙon amincewa sai na sa cewa farashin a kan irin samfurin da suka aiko ne: kwali mai shimfiɗa uku ko biyar, nauyin takardar kamar yadda suka rubuta a takardar farashi, girma kaza, launi kaza. Ina ajiye samfurin da kwanan wata a jikinsa. Kaya na isowa sai in ɗora kwali goma a sikeli in gwada da nauyin samfurin sau goma. Kuma in kamfani ya sauko da yawa cikin sauri ba tare da ya nemi komai ba, ina tambaya kai tsaye: me ya canza a kayan?

Sun yi shiru kwana huɗu. Na ɓata musu rai ne?

Da wuya. Galibi saƙon yana teburin manaja. Bayan kwana uku na aiki ka tura layi biyu a ƙarƙashin saƙon farko, kana tambaya ko akwai bayanin da suke buƙata. Kada ka ƙara tayi don shirun ya dame ka, wannan taya wa kanka ne. Kada kuma ka sa shugabansa a layin `Cc` don ka matsa masa, zai ɗauke shi a matsayin ƙara, kuma ba zai manta ba.

In shirun ya kai mako, ka kira. Murya tana warware abin da rubutu ya ɗaure, musamman in ka ji saƙonsa na baya ya yi sanyi. Amma duk abin da kuka tsayar a waya ko WhatsApp, ka rubuta shi a imel a ranar: "Kamar yadda muka yi magana ɗazu, 6,000 a ₦465, babu kuɗin faranti, kashi na farko ranar kaza. In na yi kuskure ka gyara mini." Ayar bashi a Suratul Baƙara, aya ta 282, ta yi umarni da rubuta bashin da aka yanka wa lokaci, kuma kuɗin da ka bayar kana jiran kaya ya fi ƙarfin a bar shi a baka.

Da kamfanin China fa?

Tsarin ɗaya ne, abubuwan musayar ne suka bambanta. Ka fara duba haruffan da ke gefen farashin. EXW na nufin a ƙofar masana'antarsu za ka karɓa, duk abin da ya biyo baya naka ne. FOB na nufin su za su kai kaya tashar ruwa su ɗora a jirgi. Farashi biyu ba sa gwaduwa sai haruffan sun zama iri ɗaya, kuma neman a mayar da EXW zuwa FOB a kan kuɗi ɗaya ragi ne ko da lambar ba ta motsa ba. Biyan da aka saba shi ne kashi 30 a farko, 70 kafin a tura kaya. Ka guji jan ciniki dab da Sabuwar Shekararsu, wadda ke faɗowa tsakanin ƙarshen Janairu da Fabrairu, domin masana'antu a cike suke kafin hutu, ba mai lokacinka.

Abu ɗaya da ya shafi China da Legas duka: in ana tsakiyar ciniki saƙo ya zo cewa sun canza asusun banki, kada ka tura ko sisi. 'Yan damfara suna shiga akwatin imel su jira daidai ranar biya. Ka kira lambar da ka sani tun da, ba wadda ke cikin sabon saƙon ba.

In sun ƙi saukowa ƙasa da iyakata, yaya zan janye?

A taƙaice, kuma da wuri, don kada su ajiye maka gurbi a inji. Ka gode wa mutumin a kan lokacinsa da samfurin da ya aiko, ka ce wannan karon lissafin mota ne ya sa za ku yi a gida, ka nemi izinin sake tuntuɓarsa in oda ta gaba ta taso. Kada ka jera laifuffukan kamfaninsa, kada kuma ka faɗi nawa ka saya a can. Wani lokaci a nan ne sabon farashi ke fitowa. In ya fito kafin ka ba na Sharaɗa kalmarka, ka duba shi. In ka riga ka ce musu ka amince, ka gaya wa na Legas gaskiya cewa ka riga ka ƙulla, ka ce ya riƙe maka wannan farashin zuwa wata uku in zai yiwu.